Kano zuwa Legas da dattijuwa: mota ko jirgi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Zan kai mahaifiyata ganin likita a Legas daga Kano, an ba mu ranar wata Litinin a tsakiyar Janairu, ƙarfe 9 na safe. Shekararta 68, tana da ciwon suga da ciwon gwiwa. Na tambaya a tasha an ce naira 45,000 kujera ɗaya, jirgi kuma 140,000 mutum ɗaya. Za mu sauka gidan ƙanwata a Agege, kuma Hajiya ta haɗa mata tsaraba da yawa. Ita tana tsoron jirgi, ni kuma ina tsoron kuɗin. Wanne ya fi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi. Na yi shekaru ina shirya wa mutane tafiya tsakanin Kano da Kudu, ta ƙasa da ta sama, kuma amsata a taƙaice ita ce: ku hau jirgi wajen zuwa, ku tashi tun ranar Juma'a, tsarabar kuma ta bi mota. Amma tunda kuɗin ba kaɗan ba ne, bari in shimfiɗa maka dalilin yadda za ka iya auna shi da kanka.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi game da wannan hanya shi ne ba ta shiga cikin yini ɗaya. Idan aka bi ta Mokwa da Jebba da Ilorin, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Idan aka bi ta Abuja da Lokoja da Okene, ta haura 1,100. Direba zai ce maka yana taka 100 ko fiye, kuma ba ƙarya ya yi ba, amma wannan a inda titi ya yi kyau ne. Ka haɗa da ramuka, da wuraren da ake aiki aka mayar da hannu biyu hannu ɗaya, da shingayen jami'an tsaro, da tsayawa shan mai, da salla, da cin abinci, da jerin tireloli da za ku bi a baya ba damar wucewa, za ka ga abin da mota ke ci a awa ɗaya bai wuce kilomita 55 zuwa 60 ba. Raba 1,100 da 60, ka samu awa 18 da ɗoriya. A watan Janairu kuwa rana na fitowa a Kano wajen bakwai saura, ta faɗi shida da 'yan mintuna. Hasken da kake da shi bai cika awa 12 ba. Don haka ko da asuba kuka tashi ko da yamma, sai dare ya same ku a hanya. Abin da za ka iya zaɓa kawai shi ne a ina zai same ku.

Ka ɗauka ƙaramar bas ce ta cika ta bar Kano ƙarfe 7 na safe. Za ku wuce Zariya, ku shiga Kaduna wajen sha ɗaya, ku kai Abuja bayan azahar, ku tsallake gadar Jamata kusa da Koton Karfe ku isa Lokoja gab da magariba in komai ya tafi daidai. Daga nan sauran tafiyar duk a duhu za a yi ta, ta Okene zuwa ƙasar Ondo, har Ife da Ibadan, a hannun direban da ya riga ya yi awa goma sha ɗaya yana riƙe da sitiyari. Idan kuwa doguwar bas ce irin wadda ke lodi a Sabon Gari ta tashi da yamma, to daren zai kama ku tun a tsakanin Zariya da Kaduna da Abuja. Hanyar Birnin Gwari da Tegina, wadda ita ce tsohuwar gajeriyar hanyar Legas, ban ba ka shawarar ka bi ta da iyali ba, saboda shekarun da ta yi tana fama da 'yan bindiga. Kafin ka biya kuɗin kowace mota, tambayar farko ita ce ta ina za a bi, kuma ka tambayi direban da kansa, kada ka tsaya ga ɗan kamasho.

Yanzu ka auna jirgi da irin wannan ma'auni, daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida. A sama kusan awa ɗaya da rabi ne daga filin Malam Aminu Kano zuwa filin Murtala Muhammed da ke Ikeja. Amma za ku bar gida awa biyu da rabi kafin tashi, domin ana rufe tantance fasinja tun kafin lokacin da aka rubuta a tikiti, kuma dattijuwa ba a sa ta gudu. Bayan sauka ka ware minti 40 na jiran jaka. Sa'arku ɗaya, Agege maƙwabciyar Ikeja ce, ko da goslo awa ɗaya ta ishe ku. Duka-duka awa biyar zuwa shida. Kuna karya kumallo a Kano, ku yi la'asar a falon ƙanwarka.

Sai maganar kuɗi. A ido, mota 90,000 ce ku biyu, jirgi 280,000, tazarar 190,000. Amma wannan lissafin na saurayi ne mai lafiya da zai naɗe ƙafa a kujerar baya ya jure. Hajiya mai ciwon gwiwa ba za ta zauna mutum huɗu a layi ɗaya na awa 18 ba, dole ka saya mata ƙarin kujera ta samu wurin miƙe ƙafa, kuɗin mota ya zama 135,000. Tunda ba ma son tafiyar dare, sai an raba tafiyar biyu a kwana a Abuja ko Lokoja. In babu ɗan'uwa a can, ka ƙiyasta 30,000 na masauki, kuma ka sani mota biyu a guntu-guntu ta fi mota ɗaya kai tsaye tsada. Abinci da ruwa na kwana biyu, da kuɗin kaya da yaran tasha za su ɗora wa buhunan tsaraba, da tasi daga inda aka sauke ku zuwa Agege, ka sa 25,000. Ka ga mun kai 190,000. A ɓangaren jirgi, ka ƙara 15,000 na tasi a Kano da Legas, da misalin 15,000 na aika tsaraba ta mota, ya kama 310,000. Waɗannan ƙananan alƙaluma ƙiyasi ne, ka sauya su da farashin ranar da za ka tashi, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya. Amma siffar lissafin ba za ta sauya ba: ainihin tazarar kusan 120,000 ce.

Me wannan 120,000 ɗin ke saya maka? A nan nake so in daɗe, domin nan ne tambayarka ta bambanta da ta ɗan kasuwa mai zuwa saro kaya.

Na sha ganin yadda iyayenmu mata ke yi a doguwar mota. Tun daren tafiya za su rage shan ruwa, saboda kunyar cewa direba ya tsaya. Za ka miƙa mata gora ta ce ba ta jin ƙishi, alhali leɓenta ya bushe. Mai ciwon suga kuwa ta fi kowa buƙatar kewayawa, kuma ta fi kowa cutuwa da ƙarancin ruwa a jiki. Ga shi maganinta yana tafiya ne da lokacin cin abinci, motar haya kuwa ba ta san lokacin maganin kowa ba, inda direba ya saba tsayawa nan zai tsaya. In ta sha magani da safe aka makale a goslo har la'asar ba ta ci komai ba, suga na iya faɗuwa: gumi mai sanyi, rawar hannu, jiri, magana ta fara rikicewa. In kuma ta cika cikinta da burodi da lemon kwalba na bakin hanya, ya hau. Sannan zaman wuri ɗaya da ƙafa a lanƙwashe fiye da awa huɗu yana rage gudun jini a ƙafa, kuma ga mai shekaru hakan na iya kai wa ga daskarewar jini a jijiya. Alamarsa ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, musamman a sha-raɓa, kuma abu ne na zuwa asibiti nan take. Bayan duk wannan, ranar Litinin likita zai auna jininta da suganta ya yanke hukunci a kan abin da ya gani. Kana so ya ga Hajiya yadda take a gida, ba wadda hanya ta jijjiga kwana biyu ba.

Game da tsoron da take ji, kada ka yi mata dariya, kada kuma ka ce mata jirgi ba ya faɗuwa. Mutanen Kano ba su manta da 4 ga Mayun 2002 ba, ranar da jirgi ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, kuma mai shekara 68 tana tuna ranar sarai. Mutanen Legas ma suna tuna na Iju-Ishaga a watan Yunin 2012, wanda ya ci duk mutum 153 da ke ciki. Abin da ya sa ake tuna su da rana da wata shi ne ba kasafai suke faruwa ba. Na mota kuwa, alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, na nuna mutum wajen dubu biyar ke rasuwa a titunan Najeriya duk shekara, kuma waɗannan su ne waɗanda aka rubuta. Ajali na hannun Allah a sama da ƙasa, amma an umarce mu da riƙo da sababi, kuma a wannan tafiya sababin da ya fi ƙarfi yana wajen jirgi. Ka zaunar da ita ka faɗa mata abin da za ta ji tun kafin ta ji shi: ƙarar inji za ta ƙaru lokacin tashi, za a ji ƙugi a ƙasa idan tayoyi suka shige, kunne zai toshe wajen sauka sai ta riƙa haɗiyar yawu ko hamma, wani lokaci jirgin zai yi girgiza kamar mota a kan burji. Wanda aka gaya wa tun farko ba ya firgita. In akwai wata ƙawarta da ta je Hajji ko Umara, ita za ta fi ka iya lallashinta.

Jirgi ma yana da nasa aibin, kuma babban aibinsa a watan da za ku tafi shi ne hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan rufe Kano har matuƙi ba ya iya hango titin sauka daga nisan da doka ta gindaya. In haka ta faru, jirgin da zai zo ya ɗauke ku ba zai sauka ba, za a yi ta ɗage lokaci, wani sa'in a soke tashin gaba ɗaya. Ba laifin kamfani ba ne, kuma ba wanda zai iya yi maka alkawarin ranar da garin zai washe. Na taɓa saya wa wani bawan Allah tikitin yammacin Lahadi, yana da ganawa Litinin da safe. Muka zauna a ɗakin jira tun ƙarfe uku, ta tagar gilashi ko ƙarshen filin ba a gani, ana sanarwa ana ƙara awa ɗaya, har aka yi isha'i aka ce a koma gida. A lokacin babu sauran wata dabara, domin ko motar dare ya hau ba zai kai kafin tara ba. Tun ranar na daina saya wa mai muhimmin alƙawari tikitin jajiberi.

Shi ya sa na ce Juma'a. In an soke na Juma'a, akwai Asabar. In Asabar ma hazon bai ɗaga ba, kuna da sauran Lahadi, ko kuma ku yanke shawara da safiyar Asabar ku bi mota ku kwana a hanya ku isa Lahadi da yamma. Ka kuma zaɓi tashin safe ko na hantsi. Jirgi ɗaya ne ke zagaya garuruwa da yawa a yini, duk jinkirin da ya samu a zangon farko yana ɗauke da shi zuwa na gaba, don haka na yamma shi ke gadon lattin kowa. Ka san haƙƙinka kuma: ƙa'idar hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta tanadi cewa in jinkirin tafiyar cikin gida ya yi tsawo a ba fasinja abin taɓawa, in ya wuce awa uku yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa, in an soke kuma ya zaɓa tsakanin kuɗinsa da wata tafiyar. Hukumar tana da teburin karɓar koke a filin jirgi. Sai dai mayar da kuɗi kan ɗauki kwanaki, don haka ka riƙe wani abu a aljihu da zai ishe ku mota in ta kama.

Wajen sayen tikiti, ka saya yau in da hali, domin kujerun jirgi aji-aji ne, masu arha su ke fara ƙarewa, kuma 140,000 ɗin da aka faɗa maka na iya zama wani abu daban nan da mako guda. Ka saya a shafin kamfanin ko ofishinsu ko wurin wakilin da aka san shi. In ta hannun wakili ne, kada ka wadatu da takardar da ya turo ta waya. Akwai bambanci tsakanin riƙe kujera da fitar da tikiti: ana iya riƙe maka wuri a ba ka lambar ajiya mai haruffa shida alhali ba a biya ba, bayan 'yan awoyi ta goge. Ka shiga shafin kamfanin da lambar da sunan ƙarshe na fasinja ka tabbatar an nuna an biya. Sunan da ke tikiti ya zama daidai da na katin shaidarta, ba sunan da ake kiranta da shi a gida ba. A lokacin sayen ka nemi a rubuta mata keken guragu. Kamfanoni suna bayarwa, ma'aikaci zai tura ta har gindin jirgi, kuma a can Legas wani zai tarbe ta. Ka gaya musu cewa hawa matakala na yi mata wuya, domin sau da yawa da tsani ake shiga jirgin.

Magungunanta, da na'urar auna suga, da takardun asibiti, da hotunan gwaji, duk su zauna a jakar hannu. Jakar da aka auna aka shigar ƙasan jirgi tana iya makara ko ta bi wani jirgin. In tana allurar insulin, ita ma a hannu za ta kasance, cikin ɗan abin da ke riƙe sanyi, tare da takardar likita saboda masu bincike. Ka sa dabino da biskit da wani abu mai riƙe ciki a jakar, saboda in aka yi jinkiri a filin jirgi matsalar abinci da magani ɗaya ce da ta mota.

Tsaraba kuma kada ta hau jirgi. Abin da ake yarje wa fasinja a tikitin talaka tsakanin kilo 15 ne zuwa 23, gwargwadon kamfani da ajin tikiti, kuma duk kilon da ya ƙaru sai an biya. Buhun gero ko wake ɗaya ya cinye rabon ku biyun. Man gyada da man shanu ma sukan jawo gardama a wurin bincike. Ka kai kayan tasha ranar Laraba, a ɗinke bakin buhu, a rubuta suna da lambar wayar ƙanwarka a jiki da alƙalami mai kauri, ka karɓi rasit da lambar direba da ta motar. Motocin Kano na sauke kaya a Agege kullum, mai yiwuwa ma tsarabar ta riga ku isa.

To idan ka duba aljihu ka ga 310,000 ba za ta samu ba ko da an yi karo-karo a gida? Akwai tsaka-tsaki. Zuwa ne ke da ƙayyadadden lokaci, dawowa ba ta da shi. Kuna iya zuwa ta sama, bayan an ga likita ta huta mako guda ko biyu wurin 'yarta, sannan a duba yadda za a dawo. Ko kuma, tunda ƙanwarka na can, ka raka Hajiya filin jirgin Kano ka damƙa ta ga ma'aikatan keken, ƙanwarka ta tarbe ta a Ikeja, kai ka bi mota da tsarabar bayan nan. Wannan ya sauko da kuɗin zuwa kusan 200,000, dab da abin da za ku kashe ku biyu a mota. Sai dai ga wadda ba ta taɓa hawa ba kuma tana tsoro, ka tambaye ta tukuna, in ta ce sai da kai, to sai da kai.

In kuwa mota ce dole, ku tashi Alhamis, ku kwana a Abuja, ku ci gaba da tafiya Juma'a da sassafe, kuna sane da cewa zango na biyu ya fi na farko tsawo, sai an fita da asuba kafin a shiga Legas da sauran haske ko farkon dare. Ku hau a cikin tasha, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar ɗan'uwansa, kada arha ta ja ku zuwa motar bakin titi. Ka tambaya ko kai tsaye motar za ta, domin wasu kan kai rabin hanya su juye fasinja a wata motar da ba ka gani ba balle ka yarda da ita. Kafin ka biya, ka zagaya motar ka duƙa ka dubi tayoyi. A gefen kowace taya akwai rubutun DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1219, an ƙera ta a mako na 12 na 2019 ke nan, ta daɗe da wuce shekara huɗun da FRSC ke cewa a canza, ko da zanenta bai suɗe ba. Tsohuwar taya da lodi mai nauyi da zafin kwalta da gudu, su ne ke haɗuwa taya ta fashe. Ka dubi idon direban ma. In yanzu ya iso daga Legas ya juya zai koma, ka jira ta gaba.

Ka zaunar da Hajiya a layin da ke bayan direba, kusa da ƙofa, nesa da saman tayar baya inda girgiza ta fi yawa. Tun a tasha ka ja direban gefe ka ce masa: "Direba, mahaifiyata ce, tana da suga, don Allah duk awa uku ka ɗan tsaya mana ko minti biyar ne." Yawancinsu suna da iyaye, in ka faɗa da ladabi tun farko za su yi. Duk inda aka tsaya ta sauko ta ɗan taka, tana zaune kuma ta riƙa motsa ƙafa sama da ƙasa kamar mai taka keken ɗinki. Ka ajiye lambar gaggawa ta FRSC, 122, a wayarka, kuma duk garin da kuka wuce ka sanar da ƙanwarka.

Kafin ranar tafiya, ko wacce hanya kuka zaɓa, ka kai ta wurin likitan da ke duba ta a Kano, ka faɗa masa rana da irin tafiyar, ya auna jini da suga, ya tsara muku lokacin shan magani na wannan ranar. Ka kuma kira asibitin Legas ranar Alhamis ka tabbatar ranar Litinin ɗin tana nan, ka tambaya ko ana so ta zo ba ta karya ba saboda gwajin jini. Allah ya kai ku lafiya, ya sa a dace da magani.